Makullin Sirri Ya Shiga Git? Fara Da Sauya Shi

Manhajar da ke karɓar kuɗi ko aika saƙo tana aiki ne da makullin sirri, wato wasu haruffa da lambobi masu tsawo da kamfani ke bayarwa domin ya gane mai asusu. Na Paystack yana farawa da `sk_live_`, na dindindin na AWS kuma shaidarsa tana farawa da `AKIA`. Duk wanda ya riƙe makullin, kamfani zai ɗauke shi a matsayin mai asusun.

Matsalar tana tasowa ne daga halin Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin aiki. Duk lokacin da aka yi `git commit`, Git yakan ajiye hoton fayilolin yadda suke a lokacin. Idan ka goge fayil gobe, hoton yau yana nan daram. A 2016 ɓarayi sun tsinci makullan AWS na kamfanin Uber a wata ma'ajiya ta GitHub da ba a buɗe wa jama'a ba, suka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 57. Ke nan rufe ma'ajiya kaɗai bai wadatar ba.

Rigakafin ba shi da wuya. A zuba makullai a wani fayil daban mai suna `.env`, sannan a rubuta sunan a cikin `.gitignore` tun kafin a fara adana komai. Abokan aiki kuma a ba su `.env.example`, mai ɗauke da sunayen makullan kawai, babu ainihin sirrin. Sai dai a lura, `.gitignore` ba ya aiki a kan fayil ɗin da Git ya riga ya fara bibiya.

To, a ce wata mai haɗa shagon intanet ta buga `git add .` cikin gaggawa, ta tura aikinta GitHub, can sai ta hangi `.env` a shafin, da makullin Paystack a ciki. Me za ta yi?

Matakin farko ba a Git yake ba. Wanda makullin gidansa ya faɗi a kasuwa kwaɗo yake sauyawa. Akwai manhajojin ɓarayi da ke sintiri a ma'ajiyoyin da ke buɗe dare da rana, cikin 'yan mintoci suke tsintar makulli. Saboda haka ta shiga asusunta na Paystack, ta samar da sabon makulli, ta saka shi a sabarta, ta tabbatar tsohon ya daina aiki. Daga nan ta binciki tarihin asusun tun daga lokacin da ta tura fayil ɗin, ko akwai fitar kuɗi ko mayar da kuɗi da ba ta san da su ba. Duk wani sirrin da ke cikin fayil ɗin, har kalmar shiga rumbun bayanai, shi ma a sauya shi.

Bayan haka ne za ta koma kan tarihi. Da yawa sukan tsaya a `git rm --cached .env`, su ɗauka magana ta ƙare. Wannan umarni yana hana Git bibiyar fayil ɗin nan gaba ne kawai. Idan ta buga `git log --all -- .env` ta ga sakamako, fayil ɗin yana nan a tarihi. Kankare shi sai da `git-filter-repo`, wanda ake saukewa daban, a kan sabon kwafin ma'ajiyar:

```
git filter-repo --invert-paths --path .env
git remote add origin <adireshi>
git push --force --all origin
git push --force --tags origin
```

Layi na biyu ya zama dole, domin manhajar takan cire `origin` da gangan don kada a tura komai cikin kuskure.

Wannan aiki yana sauya lambar shaidar kowane adani tun daga inda fayil ɗin ya shigo. Don haka sai ta sanar da abokan aikinta su watsar da tsofaffin kwafinsu, su yi `git clone` sabo. Idan mutum ɗaya ya haɗa tsohon reshensa ya tura, sirrin zai dawo. Kuma sharar tana da iyaka. Ba ta kaiwa kwamfutar wanda ya riga ya sauke, ko kwafin da wani ya yi a nasa asusun. Tsofaffin shafukan da GitHub ke riƙe da su kuwa, sai an nemi ma'aikatansa su cire.

Domin gaba, ta saka `gitleaks` ya riƙa duba aikinta kafin kowane adani, ta kuma bar kariyar GitHub da ke tare turawa idan ta ga makulli a kunne. Waɗannan masu gadi sun fi gane makullai masu sananniyar siffa, kalmar sirrin da mutum ya ƙirƙira da kansa tana iya wuce su. Shi ya sa buga `git status` da karanta jerin fayilolin kafin kowane adani ya kamata ya zama ɗabi'a.