Yadda Ake Ciro Batirin da Aka Manne da Gam

Wayoyin zamani, su iPhone da Samsung, batirinsu a manne yake da gam a jikin waya. Mai gyara da ya san aikinsa yakan fara barin cajin ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin ɗari, domin batirin lithium mai cikakken caji shi ya fi saurin kama wuta idan aka huda shi.

Daga nan sai ɗumi. Ana ɗora bayan wayar a kan faifan zafi, kimanin digiri 60 zuwa 70, na ɗan mintoci, har gam ɗin ya yi laushi. Ba a hura wa batirin iska mai zafi kai tsaye.

A iPhone akwai zirin gam mai ɗan harshe, wanda ake ja a hankali, a kwance, har ya zare. In ya tsinke, sai a ɗiga sinadarin isopropyl a gefe, a jira, sannan a zura siririn katin roba a ƙarƙashi. Sukudireba kuwa ganganci ne: fatar batirin siririya ce, ƙarfe na huda ta ya haɗa cikin.

Idan aka ji wari mai zaƙi-zaƙi, ko batirin ya fara zafi, a dakata nan take, a ajiye wayar a waje kan yashi.