Ƙwai ba ya duba kalanda: yadda jikin mace ke sanin lokacin sakinsa

Tambayi duk matar da ta taɓa zuwa asibiti neman haihuwa, da wuya ba ta ji zancen rana ta 14 ba. Ana ce mata ta ƙirga daga ranar da jinin al'ada ya zo, idan ta kai sha huɗu, ranar ce ƙwai ke fita. Wannan lissafin ya kan dace da wadda al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, amma ya ɓatar da mata masu yawa. Babu inda aka rubuta rana a jikin mace. Abin da ke akwai aike ne da ake yi ta jini tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai, kuma 'yan aiken su ne sinadaran da likitoci ke kira homon.

Aiken na farawa ne a wani ɗan sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas. Shi ke fitar da sinadarin GnRH, kuma ba ya kwararo shi kamar famfo. Ɗigo yake yi, ya tsaya, ya sake, kusan duk minti 60 zuwa 90 a farkon zagayen. Ernst Knobil da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh sun nuna muhimmancin wannan a 1978, a gwajin da suka yi da birai: da suka riƙa ba da sinadarin babu yankewa sai aikin ya tsaya cak, da suka koma ba da shi ɗigo-ɗigo sai ya farfaɗo. Kowane ɗigo na taɓa fitutari, wata 'yar ƙulluwa da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita kuma ta saki sinadarai biyu cikin jini: FSH da LH. Haka za ki ga an rubuta su a takardar gwaji.

Tun jinin al'ada bai ɗauke ba FSH ya riga ya ɗan hau, ya tayar da wasu ƙananan jakunkuna a ma'ajiyar ƙwai, kowace da ƙwai guda a ciki. Suna girma suna fitar da istirojin, wanda ke sake gina shimfiɗar cikin mahaifa da ta zube. Amma istirojin ba a mahaifa kaɗai yake tsayawa ba. Yana komawa ƙwaƙwalwa da saƙon cewa aike ya iso, a rage. Sai FSH ya sauka. Saukar tasa ita ke tace jakunkunan: wadda ta fi sauran jin FSH ta kan ci gaba da girma da ɗan abin da ya rage, sauran su yanƙwane. Wajen ƙarshen makon farko an riga an san wadda ta yi nasara. Shi ya sa mace ke sakin ƙwai ɗaya a yawancin watanni, ba goma ba.

Daga nan ne abin ke juyawa, kuma a ganina nan ne wurin da ya fi ban mamaki a duk al'amarin. Jakar da ta yi saura tana ƙara girma, istirojin na ƙara yawa. Muddin yana matsakaici, saƙonsa dai "a rage" ne. Amma idan ya haura kimanin fikogiram 200 a kowace mililita ta jini, ya kuma zauna a saman nan wajen awa 50, sai ma'anar saƙon ta sauya gaba ɗaya. Sinadarin da jiya ke danne fitutari, yau shi ke zuga ta. Fitutari ta ƙara jin GnRH, ta juye LH ɗin da ta tara, ya yi tashin gwauron zabi, ya ninka sau da yawa cikin yini guda.

A lura da sharuɗɗan nan biyu, yawa da daɗewa. Ƙaramar jaka ba za ta iya fitar da istirojin mai yawa haka ba, balle ta riƙe shi kwana biyu. Wadda ta nuna ce kaɗai ke iyawa, wadda a hoton sikanin ta kai milimita 18 zuwa 24. Ke nan jakar ce da kanta ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ta shirya, ƙwaƙwalwa amsawa kawai take yi.

Tashin LH na ƙarasa nunar ƙwan, ya sa bangon jakar ya yi laushi ta gefe guda har ya fashe. Ƙwai kan fita kimanin awa 34 zuwa 36 bayan tashin ya fara. Ba ya wuce awa 12 zuwa 24 a raye idan bai haɗu da maniyyi ba, alhali maniyyi na iya jira har kwana biyar a jikin mace. Saboda haka ranakun da suka gabaci fitar ƙwai su ne suka fi ɗaukar ciki. Jiki ma kan nuna su: yawan istirojin na sa mace ta ga farin ruwa mai santsi da yauƙi kamar na ɗanyen ƙwai.

Jakar da ta fashe ba ta mutuwa nan take. Ta kan rikiɗe ta zama wani ɗan curi mai launin ɗorawa da ke fitar da firojestaron. Wannan ke gyara shimfiɗar mahaifa ta karɓi ciki, ya ɗaga zafin jiki da kashi 0.3 zuwa 0.5 na digiri a ma'aunin Salshiyas, ya kuma koma ƙwaƙwalwa ya rage saurin ɗigon GnRH, ya hana wani tashin LH. Idan babu ciki, curin kan shanye cikin kwana 14 ko kusa da haka, firojestaron ya faɗi, shimfiɗa ta zube, FSH ya samu sararin hawa kuma.

Rabin ƙarshen nan bai cika sauyawa ba. Rabin farko ne ke tsawo ko ya gajarta, gwargwadon lokacin da jaka ta ɗauka kafin ta nuna. A ɗauki misalin mace mai ganin al'ada duk kwana 35. Cire 14 daga 35, saura 21: wajen nan ƙwanta ke fita. Idan ita da maigidanta suka dage a rana ta 12 zuwa 15, sun yi gaggawa da mako guda. Abin da ya fi damuna shi ne gwajin firojestaron da aka saba turawa a yi a rana ta 21. Ga wannan baiwar Allah, a ranar ƙwan bai fita ba ko yanzu ya fita, sakamako zai nuna ƙasa, a ce mata ba ta sakin ƙwai, ta koma gida da kuka. Lokacin gwajin shi ne kwana bakwai kafin al'adar da ake jira, wato rana ta 28 a wurinta.

Akwai kuma inda aiken ke yankewa da gaske. Ramewa mai tsanani, ciwo mai nauyi ko damuwa mai yawa kan rage ɗigon GnRH, jaka ta kasa nuna, al'ada ta yi jinkiri ko ta ɗauke. Tsotson jariri ma haka yake yi, shi ya sa mai shayarwa kan daɗe ba ta ga jini ba, sai dai ƙwai na iya fita kafin jinin farko ya dawo. A lalurar da ake rubutawa PCOS kuwa, ƙananan jakunkuna ne da yawa ke tasowa ba wadda ke wuce sauran, LH kuma ya kan zauna a ɗan sama kullum. Tsinken gwajin fitsari da ake saya a kemis LH yake ganowa, don haka yana iya nuna wa irin wannan mace layi biyu sau da dama ba tare da ƙwai ya fita ba. Wadda al'adarta ke wuce kwana 35 a kai a kai, ko take zuwa kafin kwana 21, ta rubuta ranakun zuwanta na wata uku zuwa shida, ta kai wa likitan mata, da su zai san ranar da ta dace a ɗebi jini.