Gwangwani, Leda ko Akwati: Abin da Siffar Ƙwayar Batir ke Faɗa wa Mai Saye

Duk batirin litiyam da ke hannun jama'a a yau, na waya ne, na sola ko na motar lantarki, ko dai ƙwaya ɗaya ce, ko tarin ƙwayoyi ne da aka haɗa wuri guda. Abin da ke cikin kowace ƙwaya kusan iri ɗaya ne: siraran fallaye biyu, ɗaya na tagulla ɗaya na alminiyam, an shafe su da sinadaran da ke riƙe wuta, an raba tsakaninsu da wata siririyar takardar roba don kada su taɓa juna, sannan aka jiƙa su da ruwan sinadari. Bambancin yana wajen suturar da aka yi musu, kuma iri uku ce ta mamaye kasuwa. Akwai silinda, mulmulalliyar ƙwaya cikin gwangwanin ƙarfe, wadda aka naɗe fallayenta kamar naɗin tabarma. Akwai fauc, wadda aka rufe cikin leda mai haɗe da alminiyam, irin ta cikin wayar hannu. Sai firizmatik, mai kusurwa huɗu cikin akwatin alminiyam.

Kowace ƙwaya tana bukatar a yi mata ayyuka uku: a fitar mata da zafi, a hana ta kumbura, a kare ta daga bugu. Sutura takan ɗauki wani kaso na wannan aiki, sauran kuma ya faɗo kan mai haɗa batirin. Wanda ya gane inda aikin ya faɗa, ya gane dalilin da ya sa mai arha a masana'anta kan zama mai tsada a gida.

A ɗauki misalin da masu sola a Kano, Maraɗi ko Kaduna suka saba gani: batir mai 51.2V da 100Ah, wato kimanin 5 kWh, na sinadarin da ake rubutawa LiFePO4 a jikin kwali. Kowace ƙwayar wannan sinadari 3.2V take bayarwa, don haka sai an jera 16 a layi ɗaya kafin a kai 51.2V. Idan da firizmatik mai 100Ah za a haɗa shi, ƙwaya 16 ne kacal, da bakin haɗi 32 da ake ɗaurewa da noti ko a yi musu walda. Idan kuwa da silinda ce mai lamba 32700, wadda ke ɗaukar kusan 6Ah, kowane mataki na bukatar ƙwaya 17 gefe da gefe. A ninka 17 sau 16, an sami ƙwaya 272, da baki 544 da dole a yi wa kowanne walda. Sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, amma aikin hannu ya ninka sau 17.

Lambar da ke jikin silinda ma'auninta ce. 32700 na nufin faɗin milimita 32 da tsawon 70, kamar yadda 18650 ta cikin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka ke nufin 18 da 65. Idan aka jera abu mai da'ira layi-layi, kashi 78.5 cikin ɗari na filin kawai yake cikewa. Ko an saƙa jerin ta yadda kowace ƙwaya ta shiga tsakanin biyu, ba za a wuce kashi 90.7 ba, lissafi ne ya tsayar da haka. A misalinmu, ƙwayoyi 272 a jere za su ci fili kusan lita 19 da rabi kafin a ƙara tazara a tsakaninsu, alhali firizmatik 16, kowace kusan lita ɗaya, za su tsaya wajen lita 16. Fauc ta fi su duka rashin nauyin sutura, shi ya sa a kan takarda takan yi fice wajen yawan wuta a kowane kilo. Sai dai wannan fifiko yakan ragu da zarar an gina mata firam ɗin da za ta zauna a ciki.

Zafi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, musamman ga mutanen da ɗakin ajiyar batirinsu kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Zafin da ƙwaya ke samarwa daga cikinta yake tasowa, kuma yana saurin bin tsawon fallen ƙarfe, amma yana wahalar ratsa fallaye ɗaya bayan ɗaya, domin takardar roba da sinadaran da ke tsakani ba sa watsa zafi sosai. Saboda haka kaurin ƙwaya shi ne abin dubawa. Ƙaramar silinda tana da fata mai yawa idan aka gwada da cikinta, kuma giɓin nan da ya cinye fili shi ne hanyar iska ko bututun sanyaya. Kamfanin Tesla ya yi amfani da wannan tun motarsa ta Roadster ta 2008, mai ƙwaya 6,831 na 18650, kuma a motocinsa na baya ya ratsa bututun ruwan sanyi mai lanƙwasa tsakanin layukan ƙwayoyi. Da kamfanin ya bayyana babbar ƙwaya mai lamba 4680 a 2020, fatar gefe da ke kan kowane ma'aunin ciki ta ragu fiye da sau biyu da rabi idan aka gwada da 18650. Dole aka sake fasalin cikin ta yadda gefen fallen gaba ɗaya zai haɗu da murfi, wuta da zafi su sami gajeriyar hanyar fita ta sama da ƙasa.

Fauc siririya ce mai faffaɗar fuska, don haka ita kaɗai tana saurin hucewa. Matsalar tana zuwa idan aka tara su a matse: ta tsakiya ba ta da inda za ta kai zafinta sai jikin maƙwabciyarta, sai fa in an saka fallen alminiyam tsakaninsu ya ja zafin zuwa gefe. Motar Nissan Leaf ta farko, ta 2010, tana da fauc 192 ba tare da ruwan sanyaya ba, kuma a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, ƙasa mai tsananin zafi, suka koka cewa batirinsu na rasa ƙarfi da wuri. Laifin ba na leda kaɗai ba ne, har da sinadarin da rashin sanyaya, amma darasin ya shafi duk mai zama a ƙasar rana.

Firizmatik ita ce mafi kauri, tsakiyarta ya fi nisa da fata, kuma a mota ta ƙasa ake sanyaya ta da faranti mai ruwa. A sola na gida wannan bai cika damuwa ba, domin batir mai 5 kWh da ke ba da kilowat ɗaya yana aiki ne a hankali, zafin da yake samarwa kaɗan ne. Zafin ɗakin ya fi zafin aikin illa. Inda girmanta ke zama haɗari shi ne idan ƙwaya ɗaya ta kama: wutar da ke cikin 100Ah ta ninka ta ƙaramar silinda sau da yawa, kuma faffaɗar fuskarta na manne da ta kusa. Batirin jirgin Boeing 787 da ya sa aka dakatar da tashin jiragen a Janairun 2013 ƙwaya takwas ne na firizmatik, kuma binciken gobarar da ta faru a Boston ya nuna daga ƙwaya ɗaya matsalar ta fara ta bi sauran. Wannan batir ba LiFePO4 ba ne, wanda ya fi jure zafi nesa ba kusa ba, abin da ke tunatar da mu cewa sinadari ya fi siffa tasiri a kan gobara.

Wajen kariya, silinda ce gaba. Da'irar gwangwani tana raba matsin ciki daidai, ba ta kumbura, kuma yawancin masu kyau suna da wani ɗan faranti a ƙarƙashin murfi da ke yanke wuta idan iska ta taru, da ƙofar da iskar za ta fita. Shi ya sa injin huda bango da keken lantarki, masu shan girgiza, suka fi amfani da ita. Firizmatik ma tana da ƙofar iska a samanta, amma shimfiɗaɗɗen bango yakan turo ciki, don haka ake matse ta tsakanin faranti biyu masu ƙarfi. Kuma shuɗiyar ledar da ke jikinta ba ado ba ce: akwatin yana ɗauke da wuta, idan ledar ta goge ƙwayoyi biyu suka taɓa juna, gajeriyar hanya ta samu. Dole a saka fallen kariya tsakaninsu.

Fauc ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kan sukudireba na iya huda ta, kuma idan ta tsufa ko ta sha zafi, iska ta taru ta kumbura. Wayar Galaxy Note 7 da Samsung ya janye a 2016 misali ce: a batiran farko, ledar ta matse kusurwar fallayen har suka lanƙwashe suka taɓa juna. Duk wanda ya ga bayan wayarsa ya ɗago, ya daina caji, kada ya danna, kada ya huda.

Sai kuɗi. Silinda ta fi sauƙin ƙerawa, domin injin naɗi yana da sauri kuma ma'auninta ɗaya ne a ko'ina, amma walda 544 da mariƙan roba da lokacin ma'aikaci duk kuɗi ne, kuma kowace walda wuri ne da zai iya saki. Ledar fauc ta fi gwangwani arha, sai dai firam da soso da farantin matsi suna mayar da abin da aka rage. Akwatin firizmatik da murfinsa na waldar leza sun fi tsada a ƙwaya ɗaya, amma kayan haɗi kaɗan ne. Wannan ne ya ba kamfanonin Sin irin su CATL da BYD damar jera ƙwayoyi kai tsaye cikin babban batir ba tare da ƙananan akwatuna ba. Ƙwayar Blade da BYD ya fitar a 2020 ta kai kusan mita ɗaya a tsawo amma kaurinta milimita 13.5 ne, wato an riƙe cika fili irin na akwati, an kuma gajarta hanyar zafi.

A ganina, ga solar gida ko shago a ƙasarmu, firizmatik ta LiFePO4 ce ta fi dacewa, silinda ta dace da abin da ke motsi yana shan bugu, fauc kuma a bar ta ga na'urorin da masana'anta ta gina mata mazauni. Mai saye ya tambayi mai sayarwa wace irin ƙwaya ce a ciki, sabuwa ce ko ciro ta aka yi daga tsohon batir. Idan akwatin na buɗuwa, a duba ko bangon ƙwayoyin a miƙe yake, ko an matse su, ko akwai fallen kariya a tsakani. Bayan an haɗa, a kunna kaya masu nauyi na rabin awa, sannan a auna zafin bakunan haɗi da ma'aunin zafi na nesa: bakin da ya fi 'yan'uwansa zafi bai ɗauru da kyau ba. A ajiye batirin a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da bangon da rana ke duka da yamma.