Idan Mai Gida Ya Tsawwala Kuɗin Haya: Amsar da Ɗan Haya Zai Rubuta

Takardar ƙarin kuɗin haya ba ta cika yin tsawo ba. Layi biyu ne ko uku, dillali ya kawo ko a turo ta waya, ana sanar da ɗan haya cewa daga shekara mai zuwa kuɗi ya tashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo a Najeriya, irin wannan takarda ta yawaita a birane. Wasu suna haɗiye ta su shiga cin bashi, wasu su tayar da jijiyar wuya a ƙofar gida. Akwai hanya ta uku da ta fi amfani, wato amsa a rubuce mai ɗauke da hujja.

Mutane da yawa ba su san cewa a idon shari'a haya yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya, a shari'ar Udih da Izedonmwen ta 1990, ta nuna cewa mai gida ba zai ƙara kuɗi shi kaɗai ya ce ya zama dole ba, sai idan yarjejeniyar ta ba shi wannan dama. Ƙarin da ya aiko tayi ne, ɗan haya yana iya karɓa ko ya ƙi. Shi ya sa amsar take da nauyi. Wanda ya biya sabon kuɗin ba tare da ya ce uffan ba, za a ɗauka ya amince.

Jihar Legas ta fi fayyace lamarin. Sashe na 37 na dokar haya ta jihar ta 2011 ya bai wa ɗan hayar da ke zaune a gida damar zuwa kotu ya nemi a ayyana ƙarin a matsayin wanda ya wuce hankali. Daga abubuwan da alƙali zai duba akwai yadda kuɗin haya yake a unguwar ko unguwa mai kama da ita, da bayanin shaidun ɓangarorin biyu, da duk wani yanayi na musamman da ya shafi gidan. Dokar ta kuma hana fitar da ɗan hayar kafin a gama shari'ar. Sai dai an keɓe Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA daga cikinta.

A ƙaddara wani magidanci ne a Agege, inda Hausawa suka daɗe da zama, yana biyan naira 400,000 a shekara a ciki da falo mai banɗaki a ciki. Saura wata biyu kuɗinsa ya ƙare, sai ga takarda an mayar da shi 700,000, ƙarin kashi 75 cikin ɗari ke nan. Kafin ya ɗauki biro, aikinsa na farko shi ne yawo a unguwa. Ya samo gidaje uku ko huɗu a layinsu da layukan da ke kusa, masu yawan ɗakuna irin nasa, da ruwa da mita irin nasa. A ce ya tarar ana biyan 450,000 a ɗaya, 480,000 a wani, 500,000 a na uku. Yanzu yana da abin riƙewa a hannu.

A nan ne mutane suke yin kuskure. Wani zai kwatanta gidansa mai rijiyar burtsatse da gidan da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ko na bakin titi da na cikin lungu da ruwa ke ci da damina. Mai gida zai rushe wannan hujja cikin minti ɗaya. Haka nan akwai bambanci tsakanin kuɗin da dillali ke faɗa wa baƙo da wanda mazaunin gida yake biya a zahiri. Na dillali yakan ɗara, domin ladansa yana tashi ne da tashin farashi. Abin da ya fi ƙarfi shi ne maƙwabcin da zai nuna rasit, ko ya yarda ya ba da shaida idan magana ta yi nisa.

Ita kanta wasiƙar gajeriya ce. Bayan kwanan wata da adireshin gidan, za ta iya tafiya kamar haka: "Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa. Na karɓi takardarka ta ƙarin haya daga naira 400,000 zuwa 700,000. Na san komai ya yi tsada, kuma ban ƙi a yi ƙari ba, amma ban amince da wannan adadi ba. Gidaje uku irin wannan a layinmu da na bayanmu ana biyan tsakanin 450,000 da 500,000. A shirye nake in biya 480,000 idan lokaci ya yi. Ina roƙon ka sa mana ranar da za mu zauna."

Kowace jimla a ciki akwai aikin da take yi. Ambaton tsohon kuɗi da sabo ya kafa abin da ake jayayya a kai. "Ban amince ba" ita ce kalmar da lauya zai nema idan aka je kotu, don haka kada kunya ta sa a lulluɓe ta. Adadin da ɗan hayar ya kawo, ƙarin kashi 20 cikin ɗari, ya nuna ciniki yake nema. Idan ya taɓa gyara rufi ko famfo da kuɗinsa, ko bai taɓa jinkirin biya ba, ya ƙara layi ɗaya a kan haka tare da hoton rasit. Zagi da barazanar kotu da tone-tonen tsohuwar gaba kuwa ba su da gurbi, domin alƙali ko mai sulhu na iya karanta takardar wata rana.

Yadda aka miƙa ta ma abin lura ne. A yi kwafi biyu, mai gida ko wakilinsa ya sa hannu da kwanan wata a kan wanda ɗan haya zai ajiye. In ya ƙi sa hannu, a miƙa a gaban shaida, a kuma tura hotonta ta waya. Babban ganganci shi ne daina biya saboda fushi. Wanda ya tara bashin haya ya ba mai gida hujjar fitar da shi da kansa. Gara ya biya tsohon kuɗin a kan lokaci ta banki, ya adana shaidar.

Wasiƙar tana da iyaka, kuma ya kamata ɗan haya ya san da haka. Mai gida yana da ikon karɓar gidansa ta hanyar doka. A Legas, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara-shekara yana da notis na wata shida, mai biyan wata-wata yana da wata ɗaya, sannan a ba da wani na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Dokar da ake aiki da ita a Abuja ma rabin shekara ta bai wa mai biyan shekara. Cire rufi ko ƙofa, ko watso kaya waje ba da umarnin kotu ba, ya saɓa wa doka.

Yawancin irin wannan saɓani ba ya kaiwa gaban alƙali. Gwamnatin Legas tana da cibiyar sulhu da ke sasanta masu gida da 'yan haya kyauta. A garuruwan Arewa kuwa mai unguwa ko limami ko dattijan layi ne sukan shiga tsakani, kuma tun da kowace jiha da tata dokar haya, yana da kyau a tuntuɓi lauyan da ke garin kafin a nufi kotu. Duk adadin da aka tsaya a kai wajen sulhu, a rubuta shi tare da ranar da zai fara aiki da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin a sake duba shi, ɓangarorin biyu da shaidu su sa hannu.