Sakan Shida, Layi Biyu: Yadda Ake Sa Hausa a Ƙasan Bidiyo

Mai kallo a ƙasar Hausa ya saba da fassara iri biyu. Akwai ta finafinan Indiya-Hausa, inda ake cire muryar jarumi a ɗora ta Bahaushe, akwai kuma rubutun Turanci da ke bin ƙasan finafinan Kannywood domin waɗanda ba sa jin Hausa. Ta ukun ita ce ba a cika maganarta ba: a bar mai magana da harshensa, a rubuta ma'anar da Hausa a ƙasan allo. Da ita kurma ke bin abin da ake faɗa, da ita kuma wanda ke cikin mota ko layin asibiti ke kallon bidiyo a waya ba tare da ya buɗe murya ba.

Wahalar aikin ita ce rubutun ba ya jiran kowa. Mai karanta jarida yana iya komawa baya idan jimla ta shige masa duhu. Mai kallo kuwa, rubutu ya bayyana, ya ɗan tsaya, ya wuce, kuma idonsa a rabe yake tsakanin haruffa da hoto.

Saboda haka masu sana'ar suke aiki da awo. Ƙa'idar da kamfanin Netflix ya shimfiɗa wa harsuna da dama masu amfani da haruffan boko ita ce kada layi ya wuce harafi 42, kada kuma a haura layi biyu a lokaci guda. A wannan ƙidaya har sararin da ke tsakanin kalmomi da waƙafi da aya ana lissafawa. Rubutu ba ya zama a allo fiye da sakan 7, ba ya kuma gaza kimanin sakan ɗaya. Awo mafi muhimmanci shi ne saurin karatu, wato yawan haruffa a raba da yawan sakan: 17 a sakan ga manya, 13 ga shirin yara. Masu fassarar jawaban TED su ma 42 suke bi a tsawon layi, amma sun yarda a kai har 21 a sakan. Ba da mai karatun Hausa aka gwada waɗannan alƙaluma ba, kuma mutane da yawa sun fi sabawa da jin Hausa a rediyo fiye da karanta ta a guje. Mai fassarar da ya san jama'arsa zai ɗauki 17 a matsayin iyakar da ba a ƙetarewa, ya yi ƙoƙarin tsayawa ƙasa da ita.

A ɗauki misalin gajeren bidiyon wayar da kai, inda wata ma'aikaciyar jinya ke koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari a gida idan yaro na gudawa kuma ba a sami na sacet ba. Awon da aka sani shi ne ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Ta faɗi haka da Turanci cikin sakan shida, hannunta na nuna sukarin, sannan gishirin, sannan ruwan.

Fassarar farko da za ta zo wa mutum ita ce: "Ki zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwan sha." Hausa ce mai kyau, ba abin da ya ɓace. Sai dai harafi 120 ne. Layi biyu masu 42 ba sa ɗaukar fiye da 84, don haka ba za ta shiga allo a karo ɗaya ba. Ko an raba ta biyu ma da sauran magana, domin 120 a raba da 6 ya ba da 20 a sakan, alhali sakan shida a kan awon 17 harafi 102 kawai ya halatta. Dole a rage aƙalla 18.

A nan ake gane gwani. Mai gaggawa zai duba ya ga "ƙaramin" ta zo sau biyu, ya goge duka, ya ga lissafi ya kusa daidaita. Amma babban cokali ya ninka ƙarami sau uku, mililita 15 ne a kan 5, kuma uwar da ta karanta "rabin cokali" tana iya ɗauko na cin abinci ta zuba wa jariri gishirin da zai cutar da shi. "Ƙaramin", "rabin", "a shafe" da adadin nan duka ba a taɓa su. Abin da ake ragewa shi ne wanda ba ya ɗauke da awo: "shida" ta koma 6, "ɗaya" ta koma 1, "a cikin" ta koma "a", "tsaftataccen ruwan sha" ta koma "ruwa mai tsafta". Ga yadda zai kasance a fayil ɗin SRT, wanda shi ne tsarin da YouTube da yawancin manhajojin kallo ke karɓa:

```
14
00:01:12,000 --> 00:01:14,500
Zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe,

15
00:01:14,580 --> 00:01:18,000
da gishiri rabin ƙaramin cokali
a ruwa mai tsafta lita 1.
```

Na farkon harafi 37 ne cikin sakan biyu da rabi, wato kusan 15 a sakan. Na biyun 56 ne cikin sakan uku da ɗan ɗori, kimanin 16. Jimilla 93, an sauko daga 120 kuma awon magani bai canja ba. Ɗan gibin da aka bari tsakanin na 14 da na 15 da gangan ne, domin ido ya lura cewa rubutu ya sauya. An kuma bi jerin da hannun ma'aikaciyar ya bi. A takarda wataƙila fara ambaton ruwa ya fi daɗin karatu, amma a allo zai sa mai kallo ya karanta "ruwa" yayin da yake ganin sukari.

"Ki" ma ta tafi, kuma tafiyar tata ta warware wata matsala. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga wanda ake yi wa magana, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko taro. Hausa sai ta zaɓa tsakanin ka, ki da ku. Wanda aka turo wa rubutun maganar kawai, ba tare da bidiyon ba, canki-canka zai yi, shi ya sa ake ganin fim inda ake ce wa tsohuwa "ka zauna", ko yaro ya ce wa dattijo "kai" a wurin da tarbiyya ta ce "ku". Mai fassara ya nemi bidiyon kafin ya karɓi aikin.

Inda aka yanka jimla shi ma yana iya juya magana. A ce ma'aikaciyar ta ci gaba da cewa kada a daina shayar da yaron nono saboda gudawa. Idan manhaja ta yanka da ƙidayar haruffa kawai, tana iya barin "kada" a wutsiyar rubutun farko, na biyun ya fito shi kaɗai: "ki daina ba shi nono." Wanda idonsa ya ɗauke na sakan ɗaya ya karanta kishiyar abin da aka faɗa. Haka abin yake da "ba" ta korewa, wadda sau da yawa biyu take zuwa, ɗaya a gaba ɗaya a ƙarshe. A yi ƙoƙari su zauna a rubutu guda. Ba a raba "ya" da "tafi", ba a raba "ruwan" da "sha", ba a barin "da" ko "na" a rataye a ƙarshen layi. Wurin yanka shi ne inda mai magana zai iya ɗan numfasawa.

Akwai kuma abin da rubutun boko ba ya nunawa, wato karin sauti da tsawon wasali. "Ta sha maganin" yana iya zama labari cewa an riga an sha, yana iya zama umurni cewa a ba ta. A baki ba a rikita su, a littafi kuma jimlar da ta gabata tana fayyacewa, amma a allo jimlar da ta gabata ta riga ta ɓace. Nan gara a kashe wasu haruffa a rubuta "ta riga ta sha" ko "sai ta sha".

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke sa 'y, nasu ciwon kan na na'ura ne. Idan ba a adana fayil da tsarin UTF-8 ba, sukan rikiɗe su zama alamar tambaya ko wasu baƙin alamomi. Idan kuma salon rubutun da aka zaɓa ba shi da su, sai a ga ɗan akwati a gurbinsu, ko harafi ɗaya ya fita dabam da 'yan'uwansa. Wasu kan gudu daga matsalar su rubuta k da d da b kawai, sai ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata, mai karatu ya tsaya warware abin da ake nufi alhali sakan biyu gare shi.

Dubawar ƙarshe kashi biyu ce. Ta lissafi manhaja ke yi: Subtitle Edit da Aegisub duk kyauta ne, kuma suna nuna haruffa nawa ke faɗawa a kowane sakan, su sa launi a kan wanda ya zarce. Abin da ba su sani ba shi ne faɗin allon da za a kalla. Harafi 42 an yanka shi ne don allo mai faɗi; a bidiyon tsaye irin na TikTok layin zai naɗe da kansa ya koma uku ko huɗu ya rufe fuskar mai magana, don haka sai an gajarta shi sosai. Idan kuma ta WhatsApp za a yaɗa, fayil ɗin SRT ba ya bin bidiyon, sai an manna rubutun a jikin hoton, kuma bayan mannawa gyara harafi ɗaya na nufin sake fitar da bidiyon gaba ɗaya.

Ta ma'ana kuwa sai mutum. A samu wanda bai ga asalin ba kuma ba ya jin harshen, a kashe murya, a miƙa masa ƙaramar waya ya kalla sau ɗaya ba tare da tsayarwa ba, sannan a tambaye shi: "Malam, cokali nawa aka ce na sukari? Wane irin cokali?" Idan ya amsa daidai, aiki ya yi. Idan ya ce a maido masa baya, akwai rubutun da ya yi sauri, sai a nemo shi a rage masa haruffa ko a ƙara masa rabin sakan idan mai magana ya yi shiru bayansa. A bidiyon lafiya, a ƙara da ba ma'aikacin asibiti mai jin Hausa ya karanta kowane adadi kafin a saki.