Rasit ba kuɗi ba ne: daga shigar alat zuwa hannun direba

A Kantin Kwari yau, rabin cinikin wani ɗan kasuwar a cikin wayarsa yake ƙarewa. Mai saye tana Maiduguri ko Yola, ta ga hoton atamfa a WhatsApp, an yi ciniki, an sallama, ta tura kuɗi, ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Wannan hanya ta daɗe da farawa, amma ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, lokacin sauya fasalin kuɗi, shi ya tura har wanda ba ya so cikin harkar tiransfa. Daga lokacin da mai saye ta ce "na tura" zuwa lokacin da kaya ya isa hannunta, akwai saƙonni biyu da mai sayarwa zai aika: na tabbatar da shigar kuɗi, da na bayanin motar da aka ba kaya. Yawancin asara da rigimar da ake ji a irin wannan ciniki a tsakanin waɗannan saƙonni biyu suke aukuwa.

Mu ɗauki misali. Wata Hajiya mai shago a Maiduguri ta zaɓi atamfa turmi 20 a kan Naira 12,000 kowanne, ya kama 240,000. An ƙara 1,000 na buhu da ɗauri da ɗan dako, da 5,000 kuɗin mota, jimilla 246,000. Da hantsi ta turo hoton rasit, ga sunan mai shago, ga adadin kuɗi, ga kalmar Successful da koren launi. Ta bi da saƙon murya: "Alhaji, na tura, don Allah a hanzarta kada motar safe ta tashi."

Wannan hoto bai tabbatar da komai ba tukuna. Hoton rasit abu ne da yaro mai waya zai iya gyarawa cikin mintuna kaɗan, ya sauya suna ko adadi ko kwanan wata. Saƙon tes mai kama da na banki shi ma ana ƙirƙirarsa, ya shigo da sunan banki a samansa, shi ne alat ɗin bogi da ake ta kuka da shi. Ko rasit ɗin na gaskiya ne ma, abin da yake nunawa shi ne an cire kuɗi daga asusun mai turawa. Bai nuna sun shiga naka ba. Tiransfa tsakanin bankunan Najeriya tana bi ta hannun kamfanin NIBSS ne, a tsarin da ake kira NIP wanda ya fara aiki a 2011, kuma kuɗi kan fita daga banki na farko ya maƙale kafin na biyu ya karɓa. Idan haka ta faru, sau da yawa kuɗin komawa yake asusun wanda ya turo. Mai shagon da ya saki kaya a kan rasit ya wayi gari ba kaya ba kuɗi, alhali ba lalle an yi niyyar cutarsa ba.

Shaida ɗaya ce tak: abin da ka gani da idonka a cikin asusunka. Ka buɗe manhajar bankinka, ko ka danna lambar USSD ta bankin, ka duba jerin shige da ficen kuɗi. Kada ka tsaya a balans kaɗai, domin mai shagon da kuɗi ke shigo masa daga wurare biyar ba zai iya rantsewa a kan abin da ke ciki awa ɗaya da ta wuce ba. Layin wannan kuɗin za ka nema, ka ga abu uku sun dace: adadin ya cika 246,000, lokacin ya yi daidai da na rasit, sunan mai turawa kuma shi ne na wadda kake ciniki da ita. Adadin a ƙirga sifilinsa da natsuwa. Tsakanin 24,600 da 246,000 sifili ɗaya ne, ido mai gaggawa kuwa yakan tsallake shi.

Maganar suna ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi haɗari. Ba sabon abu ba ne Hajiya ta tura da asusun maigidanta ko ɗanta, ko ta ba mai POS tsabar kuɗi ya tura, sai wani suna daban ya fito. Wannan ba laifi ba ne, amma a tambaya: "Hajiya, da wane suna aka turo?" Ita ta faɗi sunan, kai kada ka fara faɗa. Dalili shi ne akwai wata damfara mai kusurwa uku. Ɗan damfara ya yi ciniki da kai a matsayin mai saye, ya karɓi lambar asusunka. Can kuma ya yaudari wani bawan Allah a matsayin mai sayar da wani abu, ya ba shi lambarka ya ce nan zai biya. Kuɗi na gaskiya ya shigo maka, ka saki kaya ga ɗan damfara. Wanda aka yaudara ya kai ƙara banki, aka bi sawun kuɗi, aka same shi a asusunka, aka rufe asusun. Ƙanwar wannan ita ce a turo fiye da kuɗin kaya a ce kuskure ne, a mayar da ragowar zuwa wani asusu daban. Duk kuɗin da za a mayar, a mayar da shi asusun da ya fito, ba wani ba.

To idan Hajiya ta rantse an cire mata, kai kuma ba ka gani ba fa? A nan ladabi da tsayawa kan ƙa'ida suke tafiya tare. Ba sai ka nuna kana zarginta ba. Ka ce: "Ranki ya daɗe, bai shigo ba tukuna, ina jin matsalar netwok ce. Kayanki na ɗaure a gefe da sunanki, ba zan ba kowa ba. Turo mini Session ID mu bibiya." Wannan lamba ce mai tsawon alƙaluma 30 da kowace tiransfar NIP take da ita, ana ganinta a cikakken rasit na manhaja, kuma da ita banki ke gano inda kuɗi ya tsaya. Wanda ya tura da gaske ba ya jin wuyar kawo ta, shi kuwa mai rasit ɗin bogi a nan yake fara faɗa, yana cewa an raina masa mutunci. Sannan kai ma ka duba naka ɓangaren: ƙaramin asusu na matakin farko, irin wanda ake buɗewa ba cikakkun takardu, yana da iyakar abin da zai riƙe, Naira 300,000 bisa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya. Kuɗin da ya haura iyaka zai iya komawa ko a tsare shi har sai an ɗaga darajar asusun. Laifin a nan ba na mai saye ba ne.

Motar safe kuwa, in ta tashi ta tashi, akwai ta gobe. A ganina gaggawar da mai saye ke yi ba hujja ba ce ko da tsohon abokin ciniki ne, domin ana sace lambar WhatsApp ta mutum a yi magana da sunansa.

Da kuɗi ya tabbata, saƙo na farko ya tafi nan take, kuma a rubuce. Mutanenmu sun fi son saƙon murya, ba laifi a ƙara da shi, amma ranar da gardama ta tashi rubutu ake nema. "Na gani, na gode" bai wadatar ba. Abin da ya fi shi ne: "Assalamu alaikum Hajiya. Naira 246,000 sun shigo yau Talata ƙarfe 10:40 na safe da sunan da kika faɗa. Kuɗin atamfa turmi 20 ne 240,000, da ɗauri 1,000, da kuɗin mota 5,000. Babu saura a tsakaninmu. In sha Allahu gobe da sassafe za a kai tasha. A turo cikakken sunan wanda zai karɓa da lambar waya biyu." Wannan 'yar jimla ta "babu saura" tana kashe rigima kafin ta taso, haka ma bayyana cewa an riga an biya kuɗin mota. Lamba biyu kuma saboda direba ba zai kwana yana kiran wayar da ba caji ba.

Kafin a ɗinke buhu, a jera turamen a ɗauki hoto ko ɗan bidiyo ana ƙirgawa, launi da launi. Bayan an ɗinke a rubuta sunan mai karɓa da garinsa da lambarsa a jikin buhun da babban alƙalami mai tawada, a saka wata takardar a ciki mai ɗauke da bayanin, domin rubutun waje yakan goge a saman mota, musamman da damina.

A tasha, misali ta Unguwa Uku inda motocin gabas ke lodi, ya fi kyau a bi ta hannun 'yan yuniyan masu rubuta saƙo, a karɓi takardar webil, maimakon a tare direba a bakin titi don ragin ɗari biyar. Idan kaya ya ɓata, wanda aka rubuta a littafi akwai inda za a je a tambaya. A tsaya a ga an ɗora buhun, a karɓi lambar direba, a kira ta nan take a ji ta yi ƙara a aljihunsa.

Sai saƙo na biyu, shi ma guda ɗaya cikakke, kada a yayyanka shi gida shida. Ya ƙunshi sunan direba da lambarsa, irin motar da launinta da lambar jikinta, tashar da ta tashi da lokacin tashi, tashar da za ta sauke a Maiduguri, yawan buhuna, hoton buhun da na webil, da tunasarwa cewa an biya kuɗin mota kada a sake karɓa. Wanda ya aika ta kamfanin jigila irin GIG Logistics ko ta gidan waya, lambar bin sawun kaya da ke kan rasit ita ce a madadin lambar direba, a rubuto ta a kuma turo hotonta, domin alƙalami ɗaya in ya kuskure ba ta da amfani.

Game da lokacin isa, a faɗi gaskiya da ɗan sarari. Motar Maiduguri za ta bi Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu, kuma saboda tsaro akan rufe hanyar Damaturu zuwa Maiduguri da yamma, motar da ta makara sai ta kwana. Don haka a ce "yau da yamma ko gobe da hantsi", a gaya mata dalili. Mai saye da aka shirya wa jinkiri tana jira cikin kwanciyar hankali. Wadda aka ce wa "ƙarfe huɗu" kuwa, ƙarfe biyar ta fara zaton an cinye mata kuɗi.

A roƙe ta ta buɗe buhun ta ƙirga a tasha ko da isarta shago, ta rubuto cewa ya iso cif. Har sai wannan saƙo ya zo, a ajiye webil da hotuna da rasit, kada a goge hirar. Mai karatu, in kai ne mai saye, ka nemi waɗannan saƙonni biyu a rubuce, haƙƙinka ne. In kai ne mai sayarwa, kada buhu ya bar shago sai ka ga kuɗin a asusunka.