Ba a Kai Masara Inji da Totuwa

Duk wanda ya tashi a Sabuwa ya san ba a kai masara injin niƙa da totuwarta. Sai an ɓare, an casa, an sheƙe, sannan a auna tsaba a kai. Haka nake yi wa dogon rubutun Turanci idan zan mayar da shi Hausa ga wanda lokaci ya yi masa kaɗan. Taƙaitawa ita ce casa, fassara ita ce niƙa, kuma casar ce ke gaba.

Wata damina kawuna, wanda ke jagorantar wata ƙungiyar manoma, ya miƙo mini wasu takardu. Babin duba gona ne daga littafin da cibiyar CIMMYT da abokan aikinta suka fitar a 2018 kan tsutsar nan mai cin masara, wadda aka fara gani a Najeriya a farkon 2016. Ya ce, "Ɗana, ga noma ya tsaya. Ka faɗa mini abin da zan yi gobe da safe kawai."

Wannan maganar ita ce faifaina. Na karanta babin har ƙarshe ban fassara ko kalma ba, domin wanda ya fara fassara daga layin farko ƙarfinsa zai ƙare a gabatarwa. A kowane sakin layi na tambayi kaina ko zai sauya abin da Kawu zai yi a gona. Bayanin tarkon kama malam-buɗe-littafin da ke yin ƙwan tsutsar, da sunayen masana, duk na ture gefe. Ba banza ba ne, totuwa ma ana hura wuta da ita, amma ba ita za a ci yau ba.

Tsabar da ta rage kaɗan ce. A ratsa gona a tsaya wuri biyar, a kowane wuri a duba aƙalla masara 10. Idan masara tana ƙarama, kashi 20 cikin ɗari na ɓarna ya isa a ɗauki mataki. Idan ta girma amma ba ta fitar da kai ba, sai ɓarnar ta kai kusan kashi 40.

Daga nan aka zo niƙa, kuma gari sai ya dace da bakin mai ci. Littafin ya ce a yi tafiya mai siffar harafin W. Kawu da ajami ya saba, don haka na rubuta masa ya bar bakin gona, ya shiga ciki yana karkata dama da hagu kamar tafiyar maciji. Kashi cikin ɗari ma na mayar masa ƙidaya. Wuri biyar sau goma, masara 50 ke nan. Kashi 20 ya zama tushe 10, kashi 40 ya zama tushe 20. Mutum zai iya lissafa wannan da tsakuwa a aljihu.

Amma mai shiƙa ta san iska mai ƙarfi tana tafiya da tsaba tare da ƙaiƙayi, kuma haka ta faru da ni. A rubutuna na farko na ce, "Idan tushe 10 na da huji, a yi feshi." Jimla ce mai daɗin ji, sai dai ta zubar da abu biyu. Ta zubar da girman masarar, ta kuma zubar da kalmar "sabo". Sabon ci ake ƙirgawa, wato ganyen da aka kankare har ya yi shara-shara, da sabon kashin tsutsa mai kama da garin katako a cikin naɗin ganyen sama. Tsohon huji yana nan a ganye ko tsutsar ta daɗe da barin wurin. Da na bar jimlar haka, da mutane sun sayi magani sun fesa wa tabo, a shekarar da kuɗin taki ma da ƙyar aka haɗa. Abin yana damuna har yanzu, domin kalmomin sharaɗi irin su "idan" da "sai dai" su ne suka fi sauƙin bin iska, kuma a kansu kuɗin manomi yake.

Na gano kuskuren ne da na ajiye Hausar kusa da Turancin, na bi kowace lamba ina neman sharaɗin da ke riƙe da ita. Na gyara, na karanta wa Kawu, na ce, "Kawu, ku maimaita mini yadda kuka ji." Ya maimaita daidai, sannan ya tambayi yadda zai bambanta wannan tsutsar da wadda ke huda kara. Na koma takardun na samo masa ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, a jere kamar kusurwoyin ɗaki. Na ƙara wannan layin a ƙasan shafin, ya ninke ya sa a aljihu tare da tsakuwoyinsa.